Tsarin zangon aiki na 14: Litinin 24 ga Maris zuwa Juma'a 4 ga Afrilu, 2025

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da shan ruwa.

Kafin zaman tsara aiki na safiyar Litinin, ga lissafin ƙarfin da muke da shi a wannan zango. Ina roƙon kowa ya duba, musamman Malam Bashir, tunda kai kake riƙe da jerin buƙatun abokan cinikinmu.

Mu shida ne, kwanakin aiki 10, wato 60 a takarda. Amma Sallah ta faɗo mana a tsakiya. Za ta kama Lahadi 30 ko Litinin 31 ga Maris, gwargwadon sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida kan bayyana ranakun hutu ne dab da lokaci. Ba za mu zauna jiranta ba. Na cire kwana biyu ga kowa, 12 ke nan, saura 48. Maryam ta ɗauki hutu daga 2 zuwa 4 ga Afrilu za ta je gida Katsina, Sadiƙ kuma kwana biyu. Saura 43.

Sai makon farko, wanda ya faɗa goman ƙarshe. Muna tashi ƙarfe uku maimakon biyar, kuma mafi yawanmu daga tahajjud muke zuwa da jajayen idanu. Awa biyu cikin takwas, ga mutum shida na kwana biyar, ya cinye kwana bakwai da rabi.

```
43 - 7.5 = 35.5
40 × 35.5 / 60 = 23.7
```

Arba'in ɗin nan matsakaicin makin da muka kammala ne, wato makin da muke auna girman aiki da shi, a zanguna uku na kafin azumi: 38, 42 da 40. Ban cire lokacin tarurruka ba, domin yana cikin wancan lissafi tun asali. Saboda haka maki 23 za mu ɗauka.

Malam Bashir, na san 23 zai yi maka kaɗan. Amma in muka yi alkawarin 35 muka kawo 22, abokin ciniki alkawarin da aka saɓa zai riƙe, kuma matasanmu ne za su ƙare da buɗe kwamfuta ranar hawan Daushe. Wannan ba na so.

Abin da ya fi damuna ma ba jimillar ba ce. Maryam ce kaɗai mai gwajinmu, kuma daga Juma'a 28 ga Maris ba za mu sake ganinta ba sai zango na gaba. Don haka gyaran shafin biyan kuɗi shi ne farko, ya isa hannunta zuwa Laraba 26. Abin da ya biyo baya, Chinedu ya yarda zai gwada ƙananan ciki, manyan kuwa su jira ta.

Wanda ke da tafiyar da bai faɗa ba, don Allah ya sa ta a manhajar Jira kafin Lahadi da dare. In gwamnati ta ba da kwana uku, aikin rahoton wata-wata, mai maki 3, shi za mu fara ajiyewa.

Na gode,
Hauwa