Neman Dillancin Sabulunku a Jihohin Sakkwato, Kebbi da Zamfara

Tsohuwar Kasuwa, Sakkwato
8 ga Satumba, 2025

Zuwa ga Manajan Darakta,
Masana'antar sabulu da ke Sharaɗa, Kano

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne ina neman kamfaninku ya naɗa ni babban dillalinsa tilo a jihohin Sakkwato, Kebbi da Zamfara, a kan sabulun wanki na sanda da garin sabulu, na tsawon shekara ɗaya ta gwaji daga 1 ga Oktoba, 2025.

Sana'ata sarin kayan masarufi ce, na gaje ta wajen mahaifina. Kamfaninmu yana da rajista da hukumar CAC. Muna da babban sito a Sakkwato mai cin tirela huɗu, da ƙarami a Jega mai cin tirela ɗaya da rabi, da motoci kanta uku, da a-kori-kura biyar. 'Yan sari da masu shaguna 140 ne ke cikin littafinmu, kuma mafi yawansu sun haura shekara biyar muna hulɗa.

Sabulunku ba baƙo ba ne a nan. Mata sun san shi, suna cewa yana kumfa kuma ba ya saurin narkewa. Matsalar ita ce hanyar da yake biyowa. Ɗan kasuwa zai je Singa ya sayi katan hamsin ko ɗari, ya haɗa da taliya da madara a mota ɗaya, ya sauke a Gusau ko Sakkwato, wani ya saya a hannunsa ya kai ƙauye. Kafin sandar sabulu ta isa Gwadabawa ta bi hannu uku, kowa ya ɗora ribarsa da kuɗin motarsa, kuma kun san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Wannan makon akwai kaya, mako biyu babu. Mai shago kuwa ba ya jira: in ya nema bai samu ba, wani sabulun zai jera a kantarsa, kuma fitar da wancan daga baya aiki ne. Ciniki kuke asara a wurin da ba ku ma san kuna da masu saye ba.

Jihohin nan uku suna da ƙananan hukumomi 58: Sakkwato 23, Kebbi 21, Zamfara 14. Ba zan ce zan karaɗe su duka a shekarar farko ba. Wanda ya yi muku wannan alƙawarin bai san hanyoyin ba. Abin da zan iya tsayawa a kansa shi ne 35, kuma ga yadda na tsara.

Tirela za ta taso daga Kano ta Funtuwa da Tsafe, ta sauke kason Zamfara a Gusau, inda na riga na yi magana da mai wani sito, muna jiran amsarku kafin in biya haya. Sauran kayan su wuce Sakkwato. Daga nan kanta ɗaya za ta riƙa bin hanyar Boɗinga da Tambuwal zuwa Jega, sitonmu na Jega ya ciyar da Birnin Kebbi, Argungu, Aliero, Koko da Yawuri. Ta biyu ta bi Kware da Gwadabawa zuwa Illela, ta uku kuma Wurno da Goronyo. Ƙananan motocin aikinsu bin kasuwannin mako ne, domin a yankinmu mai shagon ƙauye ranar kasuwa yake sari: Illela ran Lahadi, Talatar Mafara ran Talata. Shinkafi babbar kasuwa ce ta ran Alhamis, amma a halin tsaron da ake ciki ba zan tura direba da kaya can ba. 'Yan kasuwar can za su ɗauka a Gusau ko Kauran Namoda, in rage musu wani abu saboda kuɗin mota. Motocinmu ba sa tafiyar dare, kuma kowace tirela za ta taso da inshora a kaina.

Lissafin da na yi a kan katan 2,000 ne kowace tirela. Daga Oktoba zuwa Disamba, tirela ɗaya a wata, lokacin da za mu shigar da kayan shaguna, ga shi kaka ce, manomi na da kuɗi a hannu. Daga Janairu zuwa Mayu, tirela uku a wata. Nan ne kasuwar take: azumi zai kama a Fabrairu, ƙaramar Sallah a Maris, babbar Sallah a ƙarshen Mayu, ga bukukuwan aure, ga kuɗin albasar Aliero da shinkafar rani ta fadamar Argungu. Daga Yuni zuwa Satumba sai mu sauko tirela biyu a wata, don da damina kuɗin ƙauye taki da kwadago yake tafiya, wasu hanyoyin ma ba sa biyuwa. Jimla tirela 26, katan 52,000. Abin da zan sa hannu a kansa a matsayin mafi ƙaranci shi ne katan 40,000. In ban kai ba, kuna da damar janye dillancin ba tare da wata jayayya ba.

Ina roƙon kashi 60 cikin 100 na garin sabulun ya zo a ƙananan ƙulli. Babbar leda sai manyan shagunan Sakkwato da Birnin Kebbi, da masu wanki da guga, da makarantun kwana. Matar ƙauye na wankin yau take saye.

Wajen talla ba na neman allo a bakin titi. Rediyo ake ji a nan. A yi sanarwa da Hausar Sakkwato a Rima Rediyo da gidajen rediyon Kebbi da Zamfara wata uku na farko, mu raba kuɗin biyu. Ni kuma zan ɗauki matasa shida masu babur su riƙa zagaya shaguna suna rubuta oda, in riƙa turo muku rahoton abin da aka sayar gari-gari a ƙarshen kowane wata.

Sai maganar kuɗi. Tirela uku na farko zan biya lakadan kafin a yi lodi. Daga ta huɗu ina neman ku ba ni kwana 14, bankina zai tsaya mini da takardar lamuni ta Naira miliyan 40. Ina neman rangwamen kashi 8 cikin 100 a kan farashin masana'anta, wanda kashi 5 zai tafi ga ƙananan dillalai, sauran ya ɗauki haya da ma'aikata. In za ku canza farashi, a sanar da ni mako biyu kafin nan. Kayan da suka zo da aibi daga masana'anta a musanya su, waɗanda suka lalace a sitona kuwa asarata ce.

Sharaɗi ɗaya ne nake ganin in babu shi duk tsarin nan ba zai tsaya ba: kada kamfani ya sayar wa kowa kai tsaye a jihohin nan uku, kuma a buga alamar yanki a jikin katan ɗinmu, don a gane in wani ya kwararo kaya daga Kano yana karya farashi. Ni ma na ɗauki alƙawarin ba zan kai kaya Katsina ko jihar Neja ba, kuma ba zan karɓi dillancin wani sabulun wanki ba muddin yarjejeniyar na aiki. 'Yan Ƙonni da ke shigowa Illela da 'yan Gaya da ke shigowa Kamba za su saya a shaguna kamar kowa, amma ban sa fitar da kaya Nijar a wannan buƙata ba. In kun so, mu zauna a kanta daban bayan shekara.

Na haɗo kwafin takardar rajista, da shaidar biyan haraji, da bayanan asusun banki na wata 12, da hotunan sitocin. Amma gani ya kori ji: ku turo manajan kasuwancinku ya kwana biyu a Sakkwato da Jega, ya shiga sito, ya tambayi masu shaguna ba tare da ni ba. In ya fi muku sauƙi, ni zan zo Kano duk ranar da kuka sa kafin 20 ga wannan wata, domin mai siton Gusau ya ba ni wa'adin ƙarshen Satumba.

Allah ya ƙara wa masana'anta albarka.

Naku,
Alhaji Umaru Maikanti
Shugaban kamfani