Sifiri yana cikin ℕ ko ba ya ciki? Hirar Isuhu da Habibu a Tawa

Bayan sallar isha'i, a fadarsu ta ƙofar gida. Isuhu malamin lissafi ne a lise, Habibu kuwa a Sakkwato ya yi karatu, yanzu yana riƙe da littafin kuɗin wani shagon kayan gini. Habibu ya zo da kayen ƴarsa a hannu.

Habibu: Mushe Isuhu, kafin shayin nan ya nuna, duba mini shafin nan. An ce wa Rabi ta rubuta lambobin asali, na rukunin ℕ, waɗanda ba su kai 5 ba. Na ce ta rubuta 1, 2, 3, 4. Malaminsu ya ƙara 0 a gaba da jan biro, ya rage mata maki. Ina laifinta?

Isuhu: A tsarin da muke karantarwa a nan, jan biron yana kan daidai. ℕ daga 0 yake farawa. In ana son a fidda sifiri, sai a ɗora tauraro, a rubuta ℕ*.

Habibu: Mu a Sakkwato daga 1 aka koya mana. Rukunin da ya haɗa da sifiri, sunansa daban. Wato daga Ƙonni ka tsallaka Illela, sai lissafi ya sake?

Isuhu: Biyu da biyu huɗu ne a Ƙonni, huɗu ne a Illela. Abin da ya bambanta shi ne waɗanne lambobi aka laƙaba wa sunan. Mu mun gaji littattafan Faransa, ku na Ingilishi.

Habibu: To ni ina ganin namu ya fi hankali. Lambobin asali ai na ƙirge ne. Ka taɓa ganin makiyayi ya tsaya bakin garke yana cewa sifiri, ɗaya, biyu? Tunkiyar farko, ɗaya ce.

Isuhu: Gaskiyarka, ba mai fara ƙirga haka. Amma bayan ya gama, ka tambaye shi raƙuma nawa ne cikin garken, alhali tumaki ne zalla. Me zai ce?

Habibu: Babu.

Isuhu: Tambayar "nawa ne" ka yi masa, ya kuma ba ka amsa cikakkiya. Ayyuka biyu ne lambobi suke yi mana. Akwai jerawa: na ɗaya, na biyu, na uku. Nan kai ke da hujja. Akwai kuma faɗin yawan abu, nan kuwa sifiri amsa ce kamar bakwai. Kai da kanka, in buhunan siminti sun ƙare a shago, me kake rubutawa cikin littafi?

Habibu: Sifiri nake sa wa. In na bar gurbin ba kome, maigida zai ɗauka mantawa na yi. Amma tsaya, abokina. Da a ce sifiri na asali ne kamar sauran, me ya sa ya makara haka? Mutane sun daɗe suna ƙirga dabbobi da awon hatsi ba tare da shi ba. Lambobin Rumawa ma ba su da alamarsa.

Isuhu: Ya makara, ban musa ba. Sai a shekara ta 628 Brahmagupta a ƙasar Indiya ya rubuta ƙa'idojin tarawa da ɗebewa da ninkawa da sifiri a matsayin lamba. Bayan kusan ƙarni biyu Alkhawarizmi a Bagadaza ya yi littafi kan lissafin Indiyawa, ta nan ya bazu. Sai dai makara ba ta yanke hukunci. Kuma bari in ƙara maka hujja da bakina: Dedekind a 1888 daga 1 ya fara. Peano, da ya kafa ginshiƙan lambobin asali a 1889, shi ma daga 1 ya fara.

Habibu: To madalla, manyan malamai suna bayana.

Isuhu: Peano ɗin daga baya ya koma farawa da 0, kuma ginin bai rushe ba. Wannan ne wurin da nake son ka lura. Ginshiƙan cewa suke: akwai lamba ta farko, kowace lamba tana da mabiyiya, lambobi biyu daban ba su haɗa mabiyiya ɗaya, ta farkon ba ta bin kowa, kuma duk abin da ya tabbata ga ta farko, yake kuma wucewa daga kowace lamba zuwa mabiyiyarta, to ya tabbata ga dukansu. Ka kira ta farkon 0 ko ka kira ta 1, maganganun nan biyar suna nan yadda suke.

Habibu: In haka ne ai gardamar banza muke. Me ya sake ke nan?

Isuhu: Ta'arifin da ke biyo baya ne ke sakewa. Ɗauki tarawa. Mai farawa da sifiri zai kafa ta da n + 0 = n. Kai ba ka da wannan, sai ka ce n + 1 ita ce mabiyiyar n. Ninkawa ma haka: ni n × 0 = 0, kai n × 1 = n. Sannan rukunina yana da lambar da in ka tara ta da kowace lamba ba ta sake ta. Naka ba shi da ita. Ko 5 − 5 ka yi, amsar ta fita daga rukuninka.

Habibu: Ai 3 − 5 ma ta fita daga naka.

Isuhu: Ta fita, shi ya sa ban dogara da ɗebewa ba. Rabawa mai saura ce babbar hujjata. Raba 17 gida 5: uku-uku, saura 2. Raba 15 gida 5: saura nawa?

Habibu: Ba saura.

Isuhu: Saura 0. Raba 3 gida 5 kuma: kowa ya samu 0, saura 3. Muna rubuta a = bq + r, da sharaɗin 0 ≤ r < b. A wajena magana ɗaya ce, q da r duka cikin ℕ suke. Kai dole ka buɗe babi na dabam ga lokacin da rabon ya tafi daidai, da wani babin ga lokacin da abin rabawar bai kai ba.

Habibu: Na ji wannan, kuma tana da nauyi. Yanzu kai ma ka saurara, don ni ma ina da wuraren da sifirinku yake kawo cikas. Shi b ɗin nan da ka raba da shi, zai iya zama sifiri?

Isuhu: A'a. Dole b ya kasance cikin ℕ*.

Habibu: Ka ga tauraro ya fito tun ba a je ko'ina ba. Jerin 1/n fa: ɗaya, rabi, sulusi, rubu'i. Ni sai in ce "ga kowace lambar asali" in wuce. Kai sai ka tsaya ka kori sifiri. Ga wata: ƙaramar lambar da 4 da 6 duka suke shiga cikinta. Kowane yaro ya san 12 ce. Amma a tsarinku ninkin 4 su ne 0, 4, 8, 12, na 6 kuma 0, 6, 12. Ƙaramar da suka haɗu a kanta ai sifiri ce.

Isuhu: Shi ya sa muke ƙara "wadda ba sifiri ba" cikin ta'arifin. Ɗalibin da ya mance wannan guntun, ta'arifinsa ya lalace.

Habibu: Ban gama ba. Lambar 12 masu raba ta shida ne: 1, 2, 3, 4, 6, 12. Kowace lambata masu raba ta suna da iyaka. Sifiri kuwa kowa yana raba shi. Kuma ni ina iya cewa in ka tara lambobin asali biyu, jimillar ta fi kowace ɗaya daga cikinsu. Kai ba ka iyawa, don 7 + 0 bai fi 7 ba.

Isuhu: Duk abin da ka lissafa haka yake. Ka lura da inda suka taru: wajen rabawa da masu rabawa. Shi ya sa da yawa daga masu nazarin wannan fanni sun fi jin daɗin farawa da 1. Masu nazarin rukunoni kuwa da masu kwamfuta sun fi son 0. Von Neumann a 1923 ya gina lambobin daga rukunin da ba kome cikinsa, ya kira shi 0. Sai 1 ya zama rukunin da ke ɗauke da 0, 2 ya ɗauki 0 da 1, 3 ya ɗauki 0, 1, 2. Kowace lamba tana ɗauke da abubuwa daidai yawanta. Ni wannan ginin yana burge ni ƙwarai, kuma da sifiri yake tafiya sumul. Tambayar Rabi ma haka take: lambobin da ba su kai 5 ba guda biyar ne cif. A harshen kwamfuta na Python in ka buga `range(5)`, 0 zuwa 4 zai jero maka.

Habibu: Ba wata hukuma ta duniya da ta raba wannan gardama?

Isuhu: Ƙa'idar ISO 80000-2, wadda ta tsara alamomin lissafi, ta sa sifiri cikin ℕ. Amma littattafai da yawa ba su bi ta ba, ba kuma wanda ya ce lissafinsu ya ɓaci. Marubucin kirki yana faɗa tun shafin farko inda nasa ℕ ya fara.

Habibu: Ni dai har yanzu zuciyata tana ga 1. Abin da ya dame ni yarinyar ce. In ta je karatu Nijeriya wata rana, me za ta riƙe?

Isuhu: Ta saba da tambayar "daga ina aka fara" kafin ta ɗora biro. Ba ℕ kaɗai ba ne. A littattafanmu sifiri yana cikin lambobin da ake kira pozitif, yana kuma cikin negatif, sai an ce "ya fi sifiri tsantsa" sannan a fidda shi. A littattafanku ba ya cikin ko ɗaya. In aka ce mata x pozitif ne, a nan x ≥ 0 ake nufi, can kuwa x > 0. Amma inda na fi ganin ɗalibaina suna zubar da maki, har a bak, jeri ne. Ka ajiye jika 10 cikin asusu, kowane wata kana ƙara jika 2. In ajiyar farko ka kira ta u₀, to uₙ = 10 + 2n. In ka kira ta u₁, sai ta zama uₙ = 10 + 2(n − 1).

Habibu: Bari in gwada. A ta farko u₆ jika 22 ne. A ta biyu jika 20.

Isuhu: Kuɗin cikin asusun bai sake ba. A ta farko u₆ ajiya ta bakwai ce, a ta biyu ta shida. Yaro ya haddace ƙa'ida ɗaya, a ba shi jeri mai farawa da ɗayar, ya tafi da kuskuren jika 2 har ƙarshen takarda. Haka wajen tara jeri: daga u₀ zuwa uₙ guda n + 1 ne, yara da yawa n suke sawa.

Habibu: Wannan na san shi daga shago. Rasit daga lamba 20 zuwa 30 guda goma sha ɗaya ne, yaran shago kullum goma suke cewa. To gobe zan ce wa Rabi a ajinsu ta fara da 0. Amma zan nuna mata zancen 4 da 6 ɗin nan, ta san dalilin tauraron.

Isuhu: Ka turo mini ita ran Asabar da kayenta. Zan ba ta jeri biyu, ɗaya daga u₀, ɗaya daga u₁, ta fidda ƙa'idar kowanne da hannunta. Miƙo kofin, na biyu ya nuna.