Me Ya Sa Iskar Hunturu Ke Zuwa Daga Arewa Maso Gabas?

Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san iska iri biyu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu akwai ta hunturu, busasshiya mai hazo, mai tsaga leɓe da dunduniya, daga arewa maso gabas take zuwa. Daga wajen Afrilu kuma sai ta juya, ta riƙa fitowa daga kudu maso yamma da danshi, damina ta biyo bayanta. Abin tambaya shi ne, me ke tura ta, kuma me ya sa kullum a karkace take zuwa, ba daga arewa sak ko kudu sak ba?

A fara da abin da mutane da yawa ba sa kawowa a ransu: iska tana da nauyi. Muna zaune ne a ƙarƙashin tarin iska mai kaurin kilomita da dama, kuma tana danna komai. A bakin teku, duk ɗan fili mai faɗin farcen yatsa yana ɗauke da nauyin iska kusan kilo ɗaya. Wannan dannawar ita ce matsin iska. Evangelista Torricelli, mutumin Italiya, shi ya ƙera ma'auninta a 1643, kuma yau ana auna ta da miliba. Matsakaicin awo a bakin teku miliba 1013 ne. Kaduna tana kan tudu, kusan mita 600 sama da teku, don haka awonta ya gaza haka. Shi ya sa masu hasashen yanayi, irin na hukumar NiMet, suke mayar da awon kowane gari kamar yana bakin teku kafin su kwatanta shi da na wani.

Matsin nan ba daidai yake a ko'ina ba, kuma rana ce sanadi. Inda ta gasa ƙasa, iskar wurin tana ɗumama, ta buɗe, ta yi sauƙi, ta tashi sama, can sama kuma ta bazu gefe. Sai nauyin da ke kan wurin ya ragu, matsi ya yi ƙasa. Inda iska ke saukowa tana taruwa kuwa, matsi yana hawa. To idan wuri biyu suna maƙwabtaka, ɗaya matsinsa ya fi na ɗayan, iskar da ke tsakaninsu ana tura ta da ƙarfi ta ɓangare guda fiye da ɗaya ɓangaren, dole ta tafi inda turin ya fi rauni. Tsaya wajen mai faci a Kawo ka ga ya zare bakin tayar da ya cika: iska waje take fitowa da huci, ba a taɓa ganin ta waje ta kutsa ciki ba. Bambancin kawai shi ne, a sararin sama ratar ƙarama ce ƙwarai. 'Yan miliba kaɗan a tsakanin ɗaruruwan kilomita sun isa su tayar da iska mai kaɗa bishiyoyi, kuma gwargwadon yadda ratar ta yi yawa a ɗan gajeren nisa, gwargwadon ƙarfin iskar.

A lokacin hunturu rana ta karkata kudu. Matsi mai yawa yana zaune a kan Sahara, inda iskar da ta tashi daga yankin ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, take saukowa, wajen digiri 30 arewa da shi, ƙaramin matsi kuma yana can kusa da gaɓar Tekun Gini. Iska sai ta gangaro kudu, ta kwaso ƙura, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi.

Da duniya a tsaye take cak, da daga arewa sak wannan iska za ta iso mana. Amma duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, sau ɗaya a kwana, kuma ba kowane wuri ne ke gudu ɗaya ba. Wanda ke kan ikwaita zagayensa ya fi na kowa tsawo, don haka ƙasa tana tafe da shi gabas da gudun kusan kilomita 1,670 a awa. Mu a Kaduna, digiri 10 da rabi arewa, kusan 1,640 ne. A digiri 30 ya sauka zuwa kusan 1,450, a digiri 60 kuma rabin na ikwaita. Iskar da ta baro arewacin Sahara ta taso ne da gudun gabas na can, mai rauni. Tana matsowa kudu, ƙasar da ke ƙarƙashinta tana zarce ta, tana barin ta a baya ta yamma. Mu da muke manne da ƙasar, sai mu ga iskar ta lanƙwasa. Mai fuskantar kudu, yamma tana damarsa, wato iskar ta kauce dama. Ta nufi kudu maso yamma ke nan, mu kuma muna karɓar ta daga arewa maso gabas. Kada wani ya ɗauki alƙalami ya ce ai ratar kusan kilomita 190 ce a awa, ina guguwar? Tafiyar ta kwanaki ce, kuma gogayya da rairayi da duwatsu da itatuwa tana cinye mafi yawan ratar a hanya.

George Hadley ya kawo wannan bayani tun 1735. Shekara ɗari bayan haka, a 1835, wani Bafaranshe, Gaspard-Gustave de Coriolis, ya fitar da lissafin motsi a kan abin da ke juyawa, kuma sunansa ne ya bi wannan karkata. Lissafin ya fi bayanin Hadley cika, domin ya nuna ko iskar gabas ta nufa ko yamma, sai ta kauce: dama a arewacin ikwaita, hagu a kudancinta. Babu wani abu da ke tura iskar gefe a zahiri. Mu ne masu kallo muke juyawa.

Iskar damina ta fi burge ni, don sau biyu take lanƙwasa. Idan rana ta dawo arewa, Sahara tana gasuwa, matsinta ya faɗi, alhali akwai matsi mai yawa a kudancin Tekun Atalantika, wajen tsibirin St. Helena. Iskar da ta taso daga can tana kauce wa hagu, don haka daga kudu maso gabas take dosar ikwaita. Tana ƙetarewa sai hukuncin ya sauya: yanzu ita ce ke ɗauke da gudun da ya fi na ƙasar da take shiga, sai ta zarce gabas, ta kauce dama. Haka take shigowa ta Legas da Fatakwal daga kudu maso yamma, cike da tururin teku, ta hauro har Kaduna da Zariya da Kano. Layin da iskokin biyu suke haɗuwa yana hawa arewa yana sauka kudu a cikin shekara, shi ya sa ruwa ke riga sauka a Kafanchan kafin Katsina. Manomi zai ce, to ai hadari daga gabas yake tasowa. Gaskiyarsa. Danshin ne ke shigowa ta ƙasa daga kudu maso yamma, amma a sama, wajen kilomita uku zuwa huɗu, akwai iska mai ƙarfi daga gabas, ita ke kora hadarin zuwa yamma.

Karkatar nan sifili ce a kan ikwaita, tana ƙaruwa har ta kai maƙura a ƙuryar arewa da ta kudu. A Kaduna ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na maƙurar ba. A Turai kuwa tana da ƙarfin da, a can sama inda babu gogayya, iska ba ta ma iya shiga tsakiyar ƙaramin matsi kai tsaye, sai dai ta riƙa kewaya shi, saɓanin tafiyar hannun agogo. Raunin karkatar ne ya sa manyan guguwar teku kusan ba sa ƙulluwa a cikin digiri biyar daga ikwaita.

Sai batun da ake yawan yaɗawa, wai ruwan da ke zurarewa a kwatami ko a baho yana juyawa ne saboda juyawar duniya. Ba haka ba ne. Karkatar tana buƙatar nisa mai yawa da awoyi masu yawa kafin ta bayyana. Ruwan baho da 'yar guguwar da ke murɗa leda a filin Murtala lokacin bazara, siffar wurin da motsin farko ne ke zaɓa musu hannu, kuma ko wanne hannu suna iya bi.