Sakamakon duba takardun bizar karatu ta Birtaniya

12 ga Yuni, 2025

Assalamu alaikum Hajiya, barka da yini. Na duba takardun autanki da aka kawo jiya. A taƙaice, kada a tura buƙatar bizar tukuna, akwai gyara.

Waɗanda suke nan kuma lafiyarsu lau:

Fasfo, sai 2029 zai ƙare. Lambar CAS, wato shaidar samun gurbin karatu, da jami'ar ta ba shi ranar 28 ga Mayu, tana aiki wata shida, kuma sunan da ke kanta ya yi daidai da na fasfon. Shaidar digiri da takardar sakamako. Jarabawar Turanci ta IELTS ta Maris 2024, ita ma da sauranta, tunda shekara biyu take yi.

Waɗanda babu:

Tunda asusun da za a nuna naki ne ba nasa ba, dole a haɗa da takardar haihuwarsa mai ɗauke da sunanki, da wasiƙa mai sa hannunki cewa kin yarda ya yi karatu da kuɗin. Ban ga ko ɗaya ba.

Waɗanda wa'adinsu ya wuce:

Takardar gwajin tarin fuka. An ba shi ita ranar 20 ga Nuwamba, 2024, wata shida take yi, ta mutu tun Mayu. Sai ya sake, kuma a asibitin da Birtaniya ta amince da shi kaɗai, kamar na IOM, hukumar ƙaura ta duniya, a Abuja. Ya nemi rana yau ɗin nan, domin wannan lokacin ɗalibai sun yi yawa.

Sai bayanin asusun banki, inda matsalar ta fi girma. Bayanin ya tsaya ne a ranar 30 ga Afrilu, alhali ƙa'ida kada ya wuce kwana 31 kafin ranar tura buƙata. Ko da bai tsufa ba ma, ba zai shiga ba. Abin da ake so a gani shi ne ragowar kuɗin makaranta, fam 9,500, da kuɗin zama na wata tara a wajen Landan, fam 1,136 kowane wata bisa ƙa'idar Yunin 2025, jimilla fam 19,724, su kwana 28 a jere ba su ragu ba. Ranar 17 ga Afrilu an ciri kuɗi, aka mayar washegari. Na san harkar kasuwa ce, Hajiya, amma jami'in biza ba zai tambayi dalili ba, kwana ɗayan nan ya isa a hana shi.

Shawarata, a zuba kuɗin gobe Juma'a, da ɗan ƙari a kai saboda canjin naira, kada a taɓa su. Ranar 11 ga Yuli a karɓo sabon bayani daga banki, mu tura a makon. Karatu sai 22 ga Satumba, akwai lokaci in sha Allah.

Kuɗin bizar, fam 524 a farashin Yunin 2025, da na kiwon lafiya, a tanade su a wani asusun daban.

A gaishe min da Alhaji.