Tambayar jarrabawa kan cinikin kaya: taki, iri da injin ban-ruwa

TAMBAYA

Wani manomin rani a Kadawa, ƙaramar hukumar Garun Malam, ya yi ciniki uku da wani dilan kayan noma a Kura, kowanne da ranarsa da rasit ɗinsa. Na farko irin shinkafa ne buhu 4. Dilan ya ce Faro 44 ne, ya kuma ɗebo masa samfur a tafin hannu. Na biyu injin ban-ruwa. Manomin ya ce: "Alhaji, hekta 2 zan riƙa ba ruwa, kai ka san kayanka, zaɓa min." Dilan ya zaɓa masa. Na uku takin yuriya buhu 30, kowanne naira 35,000, ya biya lakadan.

Injin ya tsaya a kwana na 3. Manomin ya kai wa makaniki, ya ci gaba da lallaɓa shi har mako 5, sannan ya yi ƙorafi, ya koma hayar inji. Da shinkafa ta fitar da kai, sai aka ga kusan rabin gonar wani iri ne daban. Taki kuwa buhu 26 mota ta sauke, 8 daga ciki a cakuɗe da yashi. A ranar manomin ya buga wa dilan waya ya ce bai karɓa ba, bai kuma zuba ko mudu ɗaya ba. Buhu ya koma 38,000 a kasuwa. A ƙasan kowane rasit an rubuta: "Kaya in ya fita ba ya dawowa."

Ba manomin shawara bisa Dokar Sayar da Kaya ta 1893.

AMSA

Wannan doka ta Ingila ce, ta shigo Nijeriya cikin dokokin gama-gari da ke aiki a can ranar 1 ga Janairu 1900. Tana cusa wasu sharuɗɗa cikin ciniki ko da ba wanda ya furta su. A nan tabbatar da cewa dilan ya saɓa su ba wuya. Inda aikin yake shi ne ko manomin na da sauran ikon mayar da kaya, ko kuwa diyya kaɗai ta rage masa. Tunda ciniki uku ne mabambanta, karɓar ɗaya ba ta shafi sauran ba.

Mu fara kawar da rasit. Sashe na 55 ya yarda a cire waɗannan sharuɗɗa da yarjejeniya, amma sai in maganar ta shigo kafin a ƙulla ciniki. Rasit bayan an sallama an biya ake miƙa shi, kuma shari'ar Olley da Marlborough Court ta 1949 ta nuna sanarwar da ta zo bayan ƙulli ba ta ɗaure kowa. Ko da ta shiga, kalmominta ba su ce komai kan diyya ba.

Taki shi ne inda manomin ya fi ƙarfi. Sashe na 30(1) ya ce in an kawo ƙasa da adadin da aka saya, mai saye na iya ƙin karɓa ɗungurungum, ko ya karɓa ya biya kuɗin abin da ya zo. Buhu 4 cikin 30 ba ɗan gibin da kotu ke kau da kai ba ne. Buhunan nan 8 kuma sun saɓa sashe na 14(2), domin an saya ne da siffantawa a hannun mai sana'ar taki, kuma taki mai yashi ba ya sayuwa da sunan yuriya. Sashe na 34 ya ba shi damar dubawa kafin a ce ya karɓa. Ya duba, ya faɗa a ranar. Ba sai ya ɗauki hayar mota ya mayar Kura ba, sashe na 36 ya ce sanarwa ta wadatar. In ya ƙi duka, zai karɓi naira 1,050,000 da ya biya, da ratar farashi bisa sashe na 51(3), wato 3,000 sau 30, naira 90,000.

Sai dai manomi a tsakiyar rani taki yake so, ba shari'a ba, don haka zai so ya riƙe 18 masu kyau ya mayar da 8. Nan akwai tarko. Sashe na 11(1)(c) ya ce wanda ya karɓi wani ɓangare na cinikin da ba ya rabuwa ya rasa ikon mayar da saura. Mafita ɗaya ita ce sashe na 30(3), wanda ya ba da damar tsince na daidai idan an gauraya da kaya masu wata siffa daban. Matsalar ita ce sashen maganar siffa yake yi, ba rashin inganci ba. Ana iya kafa hujja cewa buhun da yashi ya yi wa yawa ya tashi daga yuriya, kuma a ganina hujjar na iya tsayawa in yashin ya yi yawa ƙwarai, amma ba a kanta zan ɗora shi ba. Gara ya ƙi duka a rubuce, sannan in dilan ya yarda su sake sabon ciniki kan 18 ɗin.

Iri kuma an sayar da shi da siffa da samfur a tare. Dilan zai ce abin da ya nuna a hannu shi ya auna, don haka sashe na 15 bai kama shi ba. Ko da haka ne, sashe na 13 ya ce dacewa da samfur ba ta isa ba in kayan ya saɓa wa siffar da aka faɗa. An ce Faro 44, rabi ba shi ba ne. Amma irin yana cikin ƙasa, ba maganar mayarwa. Haka ta faru a Wallis da Pratt a 1911, inda aka ba da wani irin ciyawa a madadin wanda aka saya, ba a gane ba sai da ya fito, kotu ta ba da diyya. Ba kuɗin buhu 4 kawai zai nema ba. Sashe na 53(2) da na 54, tare da ƙa'idar Hadley da Baxendale ta 1854, sun ba shi asarar da kowane dilan iri ya san za ta biyo baya: gona mai iri biyu ba ta nuna lokaci guda, wata ta zube kafin wata ta isa yanka, 'yan sari kuma su karya mata farashi. Shi zai kawo shaidar wannan rata, misali malamin gona ko maƙwabtan da suka shuka irin na gaskiya.

Inji ya faɗo ƙarƙashin sashe na 14(1). Manomin ya faɗi aikin da yake so, ya dogara da sanin dilan, kuma sana'ar dilan ce. Togaciyar sayen kaya da sunan kamfani ba ta taso ba, tunda ba shi ya ambaci suna ba. Da a kwana na 3 ya yi magana, da yana da bakin cewa a karɓi inji, duk da dilan zai iya jawo ɗaya reshen sashe na 11(1)(c) ya ce takamaiman kaya ne da mallakarsa ta riga ta koma hannun mai saye. Yanzu ba a ma bukatar wannan gardama. Mako 5 yana aiki da shi bai ce uffan ba, sashe na 35 zai ɗauka ya karɓa. Abin da ya rage shi ne sashe na 53(3): ratar da ke tsakanin darajar lafiyayyen inji da ta wannan, a ƙara kuɗin makaniki da na haya gwargwadon hankali. Idan kuma ya ce shinkafa ta sha ƙishi cikin makonnin nan, dilan zai amsa cewa injin haya na nan tun farko bai nema ba, kuma kotu ba ta biyan asarar da mutum zai iya tarewa ya bari.