Sabbin Atamfa, Leshi, Shadda da Yadin Maza: Farashi da Yadda Za a Saya | Yadin Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da zuwa shafin Yadin Maman Ilham. Kayan da kuke ta tambaya sun iso, kuma su ne na shimfiɗa muku ɗaya bayan ɗaya a wannan bidiyo. Da rana na ɗauke shi a bakin taga, ban kunna fitila ba, ban kuma taɓa launin hoton ba, domin abin da ido ya gani shi ne zai zo hannu. Kowane kaya akwai lambarsa a farar takarda a kansa. Don Allah a riƙe lambar, da ita ake yin oda. Idan aka ce min "wannan mai shuɗin nan", to masu shuɗi sun kai bakwai a ciki.

ABIN DA KE CIKIN BIDIYON

0:00 Gaisuwa
0:40 Atamfa mai auduga zalla, A1 zuwa A12
4:15 Atamfa mai sauƙin kuɗi, B1 zuwa B8
6:30 Leshi, L1 zuwa L6
9:05 Shadda, S1 zuwa S5
11:20 Yadin maza da boyal, Y1 zuwa Y7
13:10 Gwajin wanki da na wuta
15:00 Yadda ake oda

ATAMFA

Turmi ɗaya yadi 6 ne, wato falle uku, kuma ba na yanka shi. Kashi biyu na kawo, ina so a gane bambancinsu tun kafin kuɗi su fita daga hannu.

Masu lambar A auduga ce zalla. Ku duba minti na 1:10 inda na juya bayan A3: zanen ya ratsa, gaba da baya kusan ba a bambancewa. Haka atamfa mai kyau take. Da farko za ku ji ta ɗan sandare saboda sitacin kamfani, amma wanki ɗaya ko biyu sai ta yi laushi ta kwanta a jiki, kuma ba ta riƙe zufa. Farashi naira 16,500 turmi ɗaya, in ban da A11 da A12 masu ratsin ruwan gwal, su naira 19,000 ne. A nawa ganin A7 ce ta fi kowacce, makuba da ruwan madara, ƙananan zane. Irin wadda tela ba ya shan wahalar haɗa zanenta, don haka ba a asarar yadi wajen yanka. A9 kuwa zanenta manya ne ƙwarai. Tana da kyau a doguwar riga ko buba, amma mai son siket da riga masu yanka da yawa ta sani cewa za a datse furannin, kyan ya ragu.

Masu lambar B akwai roba a cikinsu, ba zan ɓoye ba. Fuska ɗaya aka buga wa zane, bayan ya fi haske. Ba sa yamutsewa sosai, suna saurin bushewa, launinsu ma yana daɗewa, sai dai a lokacin zafi za a ji su a jiki. Sun dace da ɗinkin yara, zaman gida, ko anko na mutane da yawa inda ake so kowa ya iya saya. Naira 8,500 turmi ɗaya.

Ana yawan tambayata ko waɗannan Holan ne. A'a. Holan ta asali kamfanin Vlisco ne ke yin ta a garin Helmond na ƙasar Holan, kamfanin da ke aiki tun 1846, kuma kuɗinta ya ninka waɗannan sau da yawa. Duk wanda ya ce zai ba ki ta asali a kuɗin da na faɗa a sama, Hajiya, ki riƙe jakarki. Nawa ba ita ba ce, ban kuma liƙa musu takardar da ba tasu ba.

LESHI

Yadi 5 ne kowanne. L1 da L2 na auduga ne, marasa nauyi, masu ƙananan huda, naira 24,000. L3 zuwa L5 masu duwatsu ne, naira 33,000. Na goga hannuna a kan duwatsun a minti na 7:45 don ku ga ba sa zubewa da taɓawa, amma da gam aka manna su, saboda haka ba a saka su a injin wanki, ba a kuma ɗora dutsen guga a kansu kai tsaye. A juya bayan, a ɗora wani ƙyalle, sannan a goge. L6 guda biyu kacal ya rage, ruwan hoda, naira 41,000. Shara-shara ne, sai an yi masa shafi a ciki, a saka kuɗin shafin a lissafi.

SHADDA

Ina sayar da yadi 5 ko yadi 10. Biyar ya isa kaftani da wando ga mai matsakaicin jiki, goma kuma na mai son babbar riga da 'yar ciki da wando. Akwai fara, ruwan toka, sararin samaniya, ruwan ƙasa da ruwan zuma. Yadi 5 naira 22,500, yadi 10 naira 43,000, kun ga an samu ragin naira 2,000 ke nan. Ita ma ba Gizna ba ce ta ƙasar Ostiriya. Shaddar auduga ce mai kyau wadda take karɓar sitaci da bugu, tana kuma ɗaukar aikin zare ba tare da ta tattare ba. Ƙyallin da kuke gani a bidiyon zai ɗan ragu bayan wankin farko, kamar kowace shadda, bugu ne ke dawo da shi.

YADIN MAZA DA BOYAL

Waɗannan kam ina yankawa, daga yadi 2 zuwa sama. Y1 zuwa Y4 yadi ne mai ɗan kauri, naira 3,800 kowane yadi. Y5 zuwa Y7 boyal ne, naira 4,600. Yadi ɗaya inci 36 ne, wajen santimita 91, bai kai mita ba. In telanku da mita ya ba ku awo, ku faɗa min haka, kada kaya su zo su gaza hannun riga.

GWAJIN DA NA YI

A minti na 13:10 na jiƙa gutsuren A2, A7 da B4 a ruwan sabulu tare da farin ƙyalle. A2 mai ja ta ɗan saki launi a ruwan farko, farin ƙyallen ya ɗauki alama kaɗan, don haka a wanke ta ita kaɗai a karon farko. Sauran biyun ba su zuba ba. Sannan na ƙona zare daga kowanne. Na auduga yana ci kamar takarda, ya bar toka mai laushi. Mai roba narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri. Wannan gwaji kowa zai iya yi da zare ɗaya daga gefen yadi, ko a wurina aka saya ko a wani wuri. A dai yi nesa da yara.

Kowanne aka saya, a wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa a juye. Rana ce ke koɗar da atamfa tun kafin ta tsufa.

SARI DA ANKO

Daga turmi 5 zuwa 11, ragin naira 500 a kowane turmi. Daga turmi 12 zuwa sama, ragin naira 1,000. Ana iya gauraya zane daban-daban a cikin kashi ɗaya. Mai son anko na zane guda fiye da turmi 20 ta ba ni mako biyu, tare da rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, domin sai na sa an nemo min. Kuma in an tashi, a ƙirga har da masu cewa "sai na yi shawara". Zane in ya ƙare a kasuwa, wanda zai sake fitowa ba lalle launinsa ya zo daidai da na farko ba.

YADDA AKE ODA

1. A tsayar da bidiyon a kan kayan da ake so, a ɗauki hoton allon yadda lambar za ta fito.
2. A danna mahaɗin WhatsApp da ke saman wannan shafi, ƙarƙashin sunan shago. Shi kaɗai ne layinmu.
3. A turo hoton, lambar kayan, adadi, suna da garin da za a kai.
4. Zan duba ko akwai, in ɗauko kayan a hannuna in turo gajeren bidiyonsa, tare da jimillar kuɗi har da na aike.
5. Sai an ga wannan bidiyon za a tura kuɗi. Lambar asusu a cikin hirar nake bayarwa, sunan da ke kan asusun kuma sunan shagon ne.
6. A turo rasit. In kuɗi sun shigo kafin ƙarfe 2 na rana, kaya za su fita a ranar, in sha Allahu.

Ban rubuta lambar asusu a nan ba da gangan. Masu damfara kan buɗe shafi da hotunan masu ƙananan sana'a irinmu, su bi mutanen da suka yi tambaya a ƙarƙashin bidiyo su tura musu wani asusu. Ni ba na fara yi wa kowa magana a ɓoye. Wanda ya tuntuɓe ku da sunana ba ku kuka fara nemansa ba, ba ni ba ce.

Ina amsa saƙo daga ƙarfe 9 na safe zuwa 8 na dare, Litinin zuwa Asabar. Ni da ƙanwata ne kawai a kan aikin, in an ga shiru na awa ɗaya ko biyu a yi mana haƙuri, muna ɗaure kaya ne. Saƙon rubutu ko na murya ya fi kira.

KUƊIN AIKE DA MAYAR DA KAYA

Cikin gari naira 1,500, mai babur zai kai har ƙofa. Sauran garuruwa daga naira 3,500 zuwa 5,500 gwargwadon nisa da nauyi, kwana biyu zuwa huɗu, kuma zan turo lambar direba da zarar an ɗora. Odar da ta haura naira 100,000 mu za mu biya kuɗin aike.

In kaya sun zo da yagewa, tabo, ko ba lambar da aka zaɓa ba, a turo hoto cikin kwana biyu, zan canza ko in mayar da kuɗi, aiken ma a kaina. Wanda aka riga aka wanke, ko aka kai wa tela ya sa almakashi, ba ya dawowa. Haka ma yadin da na yanka bisa awon mai saye. Farashin nan na kayan da ke ƙasa ne yanzu. In an kalli bidiyon bayan wata ɗaya, a tambaya tukuna, kasuwa ba ta zama wuri ɗaya.

A tura wa 'yar uwa mai shirin biki, a kuma danna alamar bin shafi, mako mai zuwa mayafai da ɗankwali ne.

KALMOMIN NEMA

atamfa, sabbin atamfa, atamfa mai auduga, farashin atamfa, atamfa mai sauƙin kuɗi, turmin atamfa, sarin atamfa, atamfar anko, leshi, leshi mai duwatsu, leshin amarya, shadda, farar shadda, shadda yadi goma, yadin maza, boyal, kayan lefe, kayan biki, sayen yadi ta waya, aike zuwa kowane gari

#Atamfa #Leshi #Shadda #YadinMaza #Boyal #Anko #KayanLefe #SarinAtamfa #YadinMamanIlham