Aikin Gida: Jadawalin Biyan Bashi da Darajar Kuɗi a Yau

Ɗalibai, kun san naira dubu ta yau ta fi naira dubu ta baɗi, domin wadda ke hannunka kana iya juya ta. A kan wannan aka gina tambayar. Ku gwada da kanku kafin ku leƙa amsa.

Tambaya

Wani manomin shinkafa a Argungu ya karɓi bashin ₦600,000 daga banki don sayen injin casa. Kuɗin ruwa kashi 20 cikin 100 ne a shekara, ana lissafa shi a kan abin da ya rage na bashin. Zai biya cikin shekara 3, sau ɗaya a ƙarshen kowace shekara bayan girbi, kuma adadin biyan ba ya canzawa.

(a) Nawa zai riƙa biya duk shekara?

(b) Ku zana jadawalin biyan bashin.

(c) Wani ɗan kasuwa daga Birnin Kebbi yana son hayar rumbun manomin na shekara 3. Ya ce ko ya ba shi ₦500,000 yau a dunƙule, ko ₦250,000 a ƙarshen kowace shekara. Da ma'aunin kashi 20 ɗin nan, wanne ya fi?

Amsa

(a) Biya uku masu zuwa, idan aka dawo da darajarsu zuwa yau, dole su yi daidai da ₦600,000 da ya karɓa. Ga ƙa'idar:

```
PV = PMT × [1 − (1 + r)^−n] / r
```

PV darajar yau ce, PMT biyan shekara, r kuɗin ruwa (0.20), n yawan shekaru (3). 1.2 sau 1.2 sau 1.2 ya ba da 1.728. Raba 1 da shi, ka sami 0.578704. Cire wannan daga 1, saura 0.421296, raba da 0.20, ya zama 2.10648. Sai ka raba 600,000 da 2.10648: biyan shekara ₦284,835.

(b) A nan nake so ku natsu, don nan ne hankalin darasin yake.

| Shekara | Bashi a farko | Kuɗin ruwa | Abin da aka cire daga uwar kuɗi | Saura |
|---|---|---|---|---|
| 1 | 600,000 | 120,000 | 164,835 | 435,165 |
| 2 | 435,165 | 87,033 | 197,802 | 237,363 |
| 3 | 237,363 | 47,473 | 237,362 | 1 |

Naira ɗayan da ta rage ta fito ne daga kwabban da muka zubar, kada ta dame ku.

Ku dubi shekarar farko. Mutum ya sayar da buhunansa, ya ƙirga ₦284,835 ya miƙa, yana ganin ya ci kusan rabin bashi. Ina! ₦120,000 ta tafi a kuɗin ruwa, ₦164,835 kaɗai ta taɓa uwar kuɗi. A shekara ta biyu ruwan ya sauko zuwa ₦87,033, saboda yanzu a kan ₦435,165 ake lissafa shi. Kullum ruwa na raguwa, rabon uwar kuɗi na ƙaruwa, biyan kuwa yana nan yadda yake. Jimillar abin da zai biya ₦854,505 ne, wato kimanin ₦254,505 a kan abin da ya karɓa.

Kuskuren da na fi gani a takardunku shi ne ɗaukar kashi 20 na ₦600,000 a ninka sau uku, a ce ruwan ₦360,000 ne. Wannan lissafin ya ɗora wa manomi ruwa a kan kuɗin da ya riga ya mayar, ya ƙara masa fiye da ₦105,000. Abin yana damuna, domin a waje akwai masu ba da bashi da haka suke lissafi, kuma iyayenmu da yawa suna dangwala hannu ba tare da sun gane bambancin ba. Na san da yawanku ba za ku kusanci bashi mai ruwa ba saboda hukuncin riba. Duk da haka ku iya lissafin, don ko a cinikin murabaha kuna buƙatar auna ribar da aka ɗora muku da tsawon lokacin biya.

(c) Lambar ɗazu za mu sake ɗauka: 250,000 sau 2.10648 ya ba da ₦526,620. In kana so ka tabbatar, dawo da kowace ₦250,000 zuwa darajar yau ɗaya bayan ɗaya: 208,333 da 173,611 da 144,676. Biyan shekara-shekara ya fi, amma da ₦26,620 kawai, duk da cewa a ido ₦750,000 ta yi wa ₦500,000 nisa. In manomin yana shakkar ɗan kasuwar zai cika alkawari, ni ba zan ga laifinsa ba in ya karɓi kuɗinsa yau.

Na kawowa ranar Litinin

A ce shinkafa ta yi kyau a shekara ta biyu, manomin yana so ya rufe bashin gaba ɗaya a ƙarshenta. Nawa zai biya a ranar, kuma nawa ya tsira da shi na kuɗin ruwa? Ku nuna layin jadawalin da kuka ɗauko kowace lamba.